Babi na Shida: Kafin Ka Ɗauki Kalkuleta

Mu ɗauka wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ya tura yaronsa sayen masara a lokacin kaka. Yaron ya zaga kasuwanni biyar, ya dawo da takarda. Farashin da ke ƙasa misali ne kawai, domin farashin masara ba ya zama wuri ɗaya, amma fasalin takardar duk wanda ya taɓa harkar hatsi ya san shi.

Giwa, buhu 287, kowanne naira 38,500
Makarfi, buhu 312, kowanne naira 41,200
Dandume, buhu 196, kowanne naira 39,800
Saminaka, buhu 408, kowanne naira 37,900
Bakori, buhu 254, kowanne naira 40,300
Jimla: naira 127,611,300

Yawancinmu da mun karɓi irin wannan takarda sai hannu ya nufi aljihu, a ciro waya, a fara danne-danne. Tsohon ɗan kasuwa ba haka yake yi ba. Sai ya sa babban yatsa ya rufe jimlar, ya bi layin buhunan da ido. Ba ya karanta 287, ɗari uku yake gani. 312 ma ɗari uku. 196 ɗari biyu, 408 ɗari huɗu, 254 ɗari biyu da hamsin. Ya tara a ka, ya sami 1,450, ya ce kai shi dubu da ɗari biyar don sauƙi. Daga nan ya dubi farashi. Duk biyar ɗin suna kai-kawo ne a gefen dubu arba'in, babu wanda ya yi nisa da ita. To buhu 1,500 a kan dubu arba'in nawa ke nan?

A nan ne mutane kan ruɗe, ba don lissafin yana da wuya ba, sai don sifili sun yi yawa. Dabarar ita ce a raba aikin biyu. A fara da manyan lambobin kaɗai: 15 sau 4, sittin. Sannan a ƙirga sifilin da aka ajiye gefe: biyu daga 1,500, huɗu daga 40,000, shida ke nan. Sittin da sifili shida a bayanta, miliyan sittin. Duk wannan bai kai rabin minti ba.

Yanzu ya ɗaga yatsa. Takarda ta ce miliyan 127 da ɗoriya, ninki biyu da wani abu na abin da ake tsammani.

"Kai, zo nan. Tirela nawa ka yi lodi?"

"Biyar, Alhaji. Ta ƙarshen ma ba ta cika ba."

"To kuɗin tirela goma sha ɗaya ka rubuto mini. Koma ka duba."

Tambayar tirelar ba ta banza ba ce. Ƙiyasin farko ya dogara da lambobin da ke kan takarda, kuma idan takardar ce ta lalace, duk abin da aka gina a kanta zai iya lalacewa tare da ita. Shi ya sa ake neman wata hanya da ba ta bi ta takardar ba. Tirela takan ɗauki tan talatin, wato buhun masara 300 mai kilo ɗari, kamar yadda take ɗaukar buhun siminti 600 mai kilo hamsin. Tirela biyar da ta ƙarshe ba ta cika ba ta yi daidai da buhu dubu da ɗari huɗu da wani abu. Idan kuwa da gaske an kashe miliyan 127 a kan dubu arba'in-arba'in, ai buhu ya haura 3,000, kuma tirela goma ba za ta kwashe su ba. Ana iya juya tambayar ta ɗaya gefen: a raba miliyan 127 da buhu 1,500, sai kowane buhu ya tashi a kan wajen dubu 85. A kasuwannin nan biyar babu inda aka rubuta ko da dubu 42. A ganina wannan juyawar ta fi kowace dabara amfani, domin miliyoyi ba su da kama a idon kowa, amma kuɗin buhu ɗaya ko ɗan dako ya san shi. Duk jimlar da ta fi ƙarfin tunaninka, raba ta har ta sauko kan abu ɗaya da ka san farashinsa: buhu ɗaya, mutum ɗaya, rana ɗaya.

Ƙiyasin bai tsaya ga cewa akwai matsala ba, yakan nuna inda take. Rarar da ke tsakanin takarda da tsammani wajen miliyan 68 ce. Kuskuren da ya fi haifar da irin wannan tsalle shi ne sifili ɗaya da ya ƙaru, yatsa ya danna sau biyu. Idan layi ya sami ƙarin sifili, ya ninka sau goma, abin da ya ƙaru a jimla ke nan ninki tara ne na layin, tun da ɗaya daga cikin goman dama hakkinsa ne. Sai a raba 68 da tara, a sami bakwai da rabi. Wane layi ne kuɗinsa ya kusa miliyan bakwai da rabi? Giwa da Makarfi kowanne wajen miliyan 12 ne, Saminaka 16, Bakori 10. Dandume kaɗai ce ke wajen takwas. Can za a fara dubawa, kuma can ɗin ne: an danna buhu 1,960 maimakon 196, layin da ya kamata ya zama 7,800,800 ya koma 78,008,000. Da aka gyara, jimla ta gaskiya ta fito naira 57,404,100.

Wani zai ce ai da an sake lissafin daga farko a kalkuleta da an gano. A wannan karon ƙila haka ne, tun da yatsa ne ya zame. Amma akwai kurakuran da maimaita lissafi ba ya kamawa ko an yi sau goma, domin ba a cikin tarawa da ninkawa suke ba, a cikin lambar da aka shigar suke. Kalkuleta ba ta san masara ba, ba ta san tirela ba. Abin da ka ba ta shi take ninkawa.

Misalin da ya fi fito da wannan fili ya faru ne a Kanada ranar 23 ga Yuli, 1983. Wani sabon jirgin Boeing 767 na kamfanin Air Canada zai tashi daga Montreal zuwa Edmonton, ya yada zango a Ottawa. Na'urar da ke nuna yawan mai a gaban matuƙa ba ta aiki, don haka aka auna man da ke tanki da sandar awo, aka sami lita 7,682. Tafiyar tana bukatar kilo 22,300 na mai, saboda haka sai an mayar da lita zuwa kilo kafin a san nawa za a ƙara. A lokacin ƙasar tana sauya ma'auni, kuma sauran jiragen kamfanin da laba ake auna musu mai, wato ma'aunin Ingilishi da bai kai rabin kilo ba. Wannan sabon jirgi kuwa da kilo yake aiki. Ma'aikatan suka ninka lita 7,682 da 1.77, lambar da suka saba da ita, suka sami 13,597, suka ɗauka kilo ne. Alhali 1.77 nauyin lita ɗaya ne a laba. A kilo, litar man jirgi wajen 0.8 ce.

An sake duba lissafin, ya fito daidai, domin ninkawar ba ta da aibi. A Ottawa aka sake auna man, aka sake ninkawa da 1.77 ɗin nan, lissafi ya sake yin kyau. Jirgin ya kama hanya da man da bai kai rabin abin da yake bukata ba. Yana sama a tsayin ƙafa 41,000 man ya fara ƙarewa, daga bisani injinansa biyu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Allah ya sa matuƙin, Bob Pearson, ya iya tuƙa jirgin da ba shi da inji, ya lallaɓa ya sauke shi a wani tsohon filin jirgin soja da ke Gimli, kuma ba a rasa rai ko ɗaya ba cikin mutum 69 da ke ciki.

Dubi abin da ƙiyasin daƙiƙa goma zai yi a wurin. Litar ruwa kilo ɗaya ce. Man jirgi ɗan'uwan kananzir ne, kuma duk wanda ya ga kananzir ya zuba a ruwa ya san a sama yake tsayawa, wato ya fi ruwa rashin nauyi. Saboda haka lita wajen 8,000 ba za ta taɓa kai kilo 8,000 ba, balle 13,597. Ba a bukatar sanin 0.8, ba a bukatar sanin laba. Ana bukatar mutum ɗaya da zai tambayi kansa, kafin ya ninka komai, amsar nan wajen nawa ya kamata ta kasance.

Akwai dalili na biyu da ya sa Alhajin ya rufe jimlar da yatsa. Lambar da ido ya fara gani takan ja tunani zuwa gare ta. Idan ka karanta miliyan 127 tukuna, zuciyarka za ta fara nema mata hujja: ai masara ta yi tsada bana, ai akwai kuɗin mota. Kuma jimlar da ta zo da wutsiya irin 611,300 tana da kwarjini, sai ka ga kamar wanda ya kawo ta ya yi aiki da natsuwa. Wutsiyar ba shaidar komai ba ce. Lissafin da ya ɓata ma yakan zo da tasa wutsiyar, tsaf-tsaf. A wannan matakin abu biyu kawai ake dubawa a jimla: lambobinta nawa ne, kuma da wace lamba ta fara.

To, nisa nawa ne za a yafe? Ƙiyasi ya ce miliyan 60, gaskiya ta ce 57.4. Babu mai tada hankali kan wannan, kuma ana iya sanin dalilin tazarar. Mun ɗaga buhuna daga 1,457 zuwa 1,500, ƙarin kashi uku cikin ɗari. Mun ɗaga farashi daga matsakaicinsa na wajen 39,400 zuwa 40,000, ƙarin kashi ɗaya da rabi. A wajen ninkawa irin waɗannan ƙananan kaso taruwa suke yi, don haka ƙiyasin ya haura gaskiya da kashi huɗu da rabi. Wanda ya gane haka yakan ɗaga lamba ɗaya ya sauke ɗayar, su cinye juna. Idan kuma ya ɗaga duka biyun, to ya riƙe a ransa cewa amsar gaskiya tana ƙasa da ƙiyasinsa, kuma jimlar da ta zo sama da shi, ko da kaɗan ne, abar tambaya ce.

Yawan yafiyar ya danganta da yadda ka san lambobin da ka fara da su. A ranar 16 ga Yuli, 1945, lokacin gwajin farko na bam ɗin nukiliya a hamadar New Mexico ta Amurka, masanin kimiyya Enrico Fermi ya saki 'yan guntayen takarda yayin da iskar fashewar ta iso inda yake. Daga nisan da ta tura su ya ƙiyasta ƙarfin bam ɗin ya kai na tan dubu goma na nakiya. Awon da aka yi daga baya ya ba da sama da tan dubu ashirin. Ya kauce da ninki biyu, amma har yau ana yaba wannan ƙiyasi, domin abin da ake tambaya a lokacin shi ne ɗaruruwa ne, dubbai ne, ko dubun dubata. Mai sayen masara ba shi da wannan uzuri. Buhunansa a ƙirge suke, farashinsa a rubuce, saboda haka ninki biyu a wurinsa gobara ce.

Matsalar tana zuwa ne a tsaka-tsaki. A ce yaron ya kawo jimlar naira 47,167,900. Ba ta yi nisan da za a ce kai tsaye ƙarya ce ba, ba ta kuma yi kusan da hankali zai kwanta ba. A nan ƙiyasi ɗaya ba ya isa, sai a yi biyu, na ƙasa da na sama. Na ƙasa: a sauke komai, buhu 1,400 a kan dubu 37, farashin da ya gaza mafi arha a takardar. Ya ba da wajen miliyan 52. Na sama: a ɗaga komai, buhu 1,500 a kan dubu 42, miliyan 63. Ko ta yaya aka juya, jimlar gaskiya dole ta faɗa tsakanin 52 da 63. Wannan ba tsammani ba ne kuma, tilas ne. Miliyan 47 tana waje, don haka ba daidai ba ce, ko da kuwa ta yi wa Alhaji daɗi. Giɓin wajen miliyan goma ne ko sha ɗaya, girman layi guda, kuma layin da aka fi mantawa shi ne na ƙarshe ko wanda ya tsallaka bayan takarda. A nan Bakori ce aka bari, mai 10,236,200. Na lura mutane sun fi saurin bincikar jimlar da ta yi musu yawa fiye da wadda ta yi musu kaɗan, alhali kuɗin Bakorin nan yana nan, mai shi zai zo nema.

Girman kuskure yakan faɗi irinsa. Ninki goma, ko ɗari, sifili ne ko ɗigo ya gusa. Ninki biyu cif, an tara abu sau biyu, sau da yawa ƙaramar jimlar shafi ce aka sake haɗawa da layukan da suka haife ta, ko kuma an ɗauki buhu mai kilo hamsin a matsayin mai kilo ɗari. Ninki arba'in a harkar hatsi, tiya da buhu ne suka cakuɗe, tun da buhu kan ci tiya wajen arba'in. Masu ciniki tsakanin Jibiya da Maraɗi suna da nasu na musamman, ninki biyar. A Nijar da dala ake ƙirga kuɗi a baki, kuma dala ɗaya sefa biyar ce, don haka wanda ya ce maka ɗari, sefa 500 yake nufi. Baƙon da ya rubuta 100 a littafinsa zai ga jimlarsa ta kasa da ninki biyar. Takardun can ma suna da nasu tarko. A tsarin Faransanci waƙafi shi ne ke raba cikakkiyar lamba da guntunta, saboda haka 1,250 a takardar Yamai ɗaya da kwata ne, a takardar Kano kuwa dubu da ɗari biyu da hamsin.

Sai dai kada a ɗora wa ƙiyasi abin da ba zai iya ɗauka ba. Jimlar da ta tsallake shi ba a ce daidai take ba, an dai ce mai yiwuwa ce. A ce wajen kwafe layin Makarfi an rubuta 12,584,400 maimakon 12,854,400, takwas da biyar sun yi musayar wuri. Bambancin naira 270,000 ne, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar ba. Babu ƙiyasin da zai gan shi. Sai an yi lissafi dalla-dalla, jimla biyu sun saɓa, sannan a duba ko bambancin yana rabuwa da tara ba saura, domin musayar lambobi kullum irin wannan bambanci take haifarwa. Haka nan idan kurakurai biyu suka zo ta fuskoki daban, ɗaya ya ƙara miliyan goma, ɗaya ya rage miliyan goma, jimla za ta zauna lafiya a tsakiyar iyakokinmu. Maganin wannan shi ne a ƙiyasta kowane layi, ba jimla kaɗai ba.

Wanda kuma ya yi niyyar cuta ba ya ƙara sifili. Zai ɗora naira 500 a kan kowane buhu, abin da ya tashi 728,500 a buhu 1,457, kuma kowane layi zai ninku daidai, jimla ta taru daidai. Ƙiyasi ba zai yi magana ba, kalkuleta ma haka. Wannan sai dai a ɗaga waya a tambayi wani dillali a Giwa nawa masara ta tashi ranar kasuwar.

Wuri na ƙarshe da ƙiyasi ke yaudarar ko gwanaye shi ne wajen ɗebewa. A ce Alhaji ya sayar da masarar nan gaba ɗaya a kan miliyan 61, yana son ya san abin da ya rage masa kafin a cire kuɗin mota da dako da la'ada. Idan ya yi aiki da ƙiyasinsa na miliyan 60, zai ce miliyan ɗaya. Lissafin gaskiya ya ce miliyan uku da kusan dubu ɗari shida. Kashi huɗu da rabin nan da muka yafe ba tare da damuwa ba, naira miliyan biyu da dubu ɗari shida ne. A jikin miliyan 57 ba ya ko motsi, amma a jikin riba ya cinye fiye da kashi biyu cikin uku. Duk inda amsar da ake nema ƙaramin bambanci ce tsakanin manyan lambobi biyu, riba ce, ko ragowar kaya a sito, ko cikon bashi, ƙiyasi zai iya tabbatar maka cewa manyan lambobin biyu ba su yi hauka ba, amma bambancin kansa sai an zauna da biro. Kuma idan an zauna, daga Saminaka za a fara, tun da ita kaɗai ta ɗauki fiye da kwata na kuɗin, sannan Makarfi da Giwa, a bar Dandume a ƙarshe.